Ya Iske Ta Da Rai

Shekarar da aka tura ni koyar da Ingilishi a wani ƙauye na ƙasar Illela, can gefen Tajaye, ni ce ƙarama a cikin malamai, kuma 'yar kwantiragi ce ni, irin waɗanda ake iya sallama ba tare da dogon bayani ba. Mu biyu ne masu Ingilishi a kwalejin. Ɗayan dattijo ne da ya kusa ritaya, shi ya koyar da daraktan namu tun daraktan yana yaro, don haka in ya yi tari a buro, wato ofis, sai a ɗauka umarni ya bayar. Kowa Mushe yake ce masa, wato Malam da Faransanci. Ni Baba nake ce masa, domin ya girme mahaifina, kuma a gidanmu a Konni ba a koya mini in kira irinsa da wani suna ba. Shi kuwa ce mini yake 'yar tasha, wai Ingilishina a bakin iyaka na tsince shi wurin kawunnaina 'yan Sakkwato masu motocin haya. Da dariya yake faɗa, ni ma da dariya nake karɓa, amma raina ba ya so.

Baba yana da wata waƙa da duk yaron da ya taɓa zama a ajinsa ya haddace. Yana buga sanda a tebur, yara suna amsawa: "When, had! Before, had! After, had! By the time, had!" Abin da waƙar take nufi shi ne, duk jimlar da ka ga ɗaya daga cikin kalmomin nan huɗu tana ba da labarin abin da ya wuce, to dole ɗaya daga cikin aikatau biyun ya ɗauki had. Ya tsara musu ma inda za su saka shi. In after ce, a maƙala shi a aikin da ke biye da ita. In sauran ukun ne, a kai shi ɗaya ɓangaren. Ba sai ka san abin da jimlar take faɗa ba. Zan yi masa adalci, waƙar tana aiki a jarrabawar cike gurbi, domin masu tsara tambayoyin da irin jimlolin da suka dace da ita suke zuwa, kuma yara da yawa sun samu barebe, takardar kammala kwaleji, da ita. Wannan ne ya sa ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Ni ba haka na koyar ba. Da motar siminti nake farawa, tunda ba yaron da bai san manyan motocin Malbaza ba. Sai in rubuta jimla biyu a allo. Ta farko: When we reached the road, the lorry left. Ta biyu: When we reached the road, the lorry had left. Sai in tambaye su a wace ce muka ga motar da idonmu. A ta farko, da muka isa bakin hanya sai motar ta tashi, mun gan ta, wataƙila ma mun yi wa direban ihu. A ta biyu, ko da muka isa ta riga ta tafi, sai sawun taya muka tarar. Had ɗin nan shi ne "riga" ɗinmu, yana ɗauke aiki ya mayar da shi baya, gaban ɗan'uwansa. Da before da after kuwa, su da kansu suna faɗin wanda ya rigaya, saboda haka ka sa had ko ka bari, duka daidai ne. By the time ita ce mai neman had da gaske, domin ma'anarta ke nan, kafin wannan ya faru wancan ya gama. Amma when sai ka san abin da ya faru tukuna, sannan ka zaɓa.

A ajina na katiriyam, wato shekara ta uku a kwaleji, akwai wata yarinya doguwa mai shiru, tana zama kusa da taga. Maimaita ajin take yi. A shekarar da ta gabata mahaifiyarta ta yi doguwar jinya ta rasu, ita ce ta yi jinyar, karatun shekarar ya tafi a haka. Dokar lakwal kuwa, wato makaranta, sananniya ce, wanda ya maimaita aji bai kai mwayan ba, wato matsakaicin makin wucewa, an kore shi ke nan. Ta san haka, ni ma na sani. Ba ta da ƙarfi a lissafi, a bakin gaɓa take, Ingilishi ne yake ɗaga ta. Mahaifinta ɗan cin rani ne kamar yawancin mazan garin, da an gama girbi sai ya nufi Abijan, sai gab da damina a gan shi. A garin an sha yi da shi, wai ya bar mace a kwance ya tafi neman kuɗi. Mata a bakin rijiya ba su da wani zance har lokacin da na zo, har ni baƙuwa na ji.

Jarrabawar ƙarshen shekara ta zo. A kwalejin akwai al'adar musayar takardu, ba malamin da yake gyara na ajinsa, wai don kada a yi son kai. Na ɗauki na ajin Baba, shi ya ɗauki na ajina. Tambayar ƙarshe, wadda ta fi kowace maki, ita ce a rubuta gajeren labari a kan ranar da ba za a manta ba, a yi amfani da kalmomin nan huɗu. Yawancin yara Sallah suka rubuta, ko ranar kasuwa. Ita ga abin da ta rubuta, har yau ina iya karanta shi da ka:

When my father came home, my mother died. Before he came, she stopped eating. When he entered the room, she opened her eyes. After he gave her water, she slept. By the time the sun set, we had buried her.

Da mahaifinta ya dawo gida sai mahaifiyarta ta rasu. Kafin ya zo ta daina cin abinci. Da ya shiga ɗakin ta buɗe ido. Bayan ya ba ta ruwa ta yi barci. Kafin rana ta faɗi sun riga sun binne ta. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Jimlar ƙarshe ma ta isa ta nuna wa duk mai ido cewa yarinyar ta san had sarai, ta san inda ake ajiye shi, kuma da gangan ta hana shi shiga sauran wuraren.

Baba ya bi takardar da jan biro kamar mai sassabe. Ya soka had a jimla ta farko, ya soka a ta biyu, da ta uku, da ta huɗu, ya bar mata ta ƙarshe kaɗai, ya zabge makin. Da a nan ya tsaya, da na bi shi gida da lallami, wataƙila mu daidaita. Amma wata al'adar kuma ita ce wanda ya gyara takardu shi yake shiga aji ya yi gyara a allo, ya zaɓi kuskure mafi girma ya nuna wa kowa. Takardarta ya zaɓa. Ina tsaye a bayan aji, ban ma ga takardar ba tukuna, sai na ga ya rubuta da manyan baƙaƙe: When my father came home, my mother had died. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin had, ya buga sanda, ya ce kowa ya maimaita.

Suka maimaita. Yara kusan duka 'yan garin ne, wasu da su aka je jana'izar, suna rera wa yarinya cewa ko da ubanta ya iso uwarta ta riga ta mutu. Waɗanda suka fahimci darasin motar siminti na ga sun yi ƙasa da murya suna satar kallonta. Sauran kuwa da ƙarfi suke yi, har da kaɗa kai, domin a wurinsu waƙa ce.

Baba ya kira ta, ya miƙa mata alli, ya ce ta kwafi jimlar a ƙasa don ta zauna mata a ka. Ta fito, ta karɓi allin, ta tsaya.

"Mushe, ba haka anka yi ba," ta ce.

"Mi na ba haka anka yi ba? Rubuta."

"Ya iske ta da rai, Mushe."

"Ke, ba labarin gidanku ni ka tambaya ba. Ina waƙarmu? When?"

Wasu yara suka amsa, "Had!"

Sai ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Wanga ƙarya na." Ta sa tafin hannu ta goge had ɗin daga allo, ta ajiye allin a tebur, ta koma wurinta ta zauna, hannun nan fari fat a kan cinyarta.

Baba ya tattara takardunsa ya fita, na san kuwa buro ya nufa. Takardar yarinyar kuwa a tebur ya bar ta, na karanta ta a tsaye a wurin, sannan na bi shi.

Na same shi zaune a kujerar darakta, daraktan yana tsaye. Na gaishe su kamar yadda ya kamata, na ce, "Baba, ka yi mani haƙuri, amma yarinyar nan daidai ta rubuta." Na buɗe takardar a gabansa. Na nuna masa cewa gyaransa ya sa matar ta mutu kafin mijinta ya iso, sannan a jimla ta huɗu ga mijin yana ba ta ruwa tana sha. Na ce, "Gawa ka ba ruwa ke nan, Baba?" Na san bai kamata in faɗa haka ba, amma ya riga ya fita.

Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce shi tun kafin a haife ni yake koyar da wannan darasi, kuma ba 'yar tasha ce za ta zo ta koya masa ba. Ya ce an ce a yi amfani da kalmomi huɗu don a ga ko yaro ya iya had, ba don a ji tarihin kowa ba. Na ce ai ta nuna ta iya, ga shi nan a jimlar ƙarshe. Na ce ya buɗe kowane littafin nahawu da yake so, a cikin kabad ɗin buron nan ma akwai guda biyu da ƙura ta rufe. Daraktan ya ɗaga mini hannu. Malamin Faransanci ne shi, kuma wallahi ya gane, domin a Faransanci ma bambancin nan yana nan daram, na ga ya gane a idonsa. Amma abin da ya ce shi ne, "Madan, maganar nahawu daban, maganar ladabi daban. Ɗiya ta ce ma malami maƙaryaci gaban aji. Wagga ita ta magana."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, har yau. Da aka rasa hanyar kare gyaran sai aka koma kan ladabi, inda ba ta da mai tsaya mata. A lakwal ɗinmu akwai makin hali, ana haɗa shi da sauran maki wajen fitar da mwayan. Suka yanke cewa za a zabge mata shi. Da makin Ingilishin da aka ci mata da wannan, ta faɗo ƙasa da layi, kuma kowa a ɗakin ya san abin da hakan yake nufi ga mai maimaita aji. Daraktan, don ya nuna shi mai tausayi ne, ya ce akwai mafita. A kira uban, ta ba Mushe haƙuri a gabansa, ta kwafi jimlar da aka gyara, sai a mayar mata da makin hali, ta wuce.

Na nemi a kai takardar wurin kwansaye, wato babban malamin da ke zagaya makarantun yankin yana duba aikin masu Ingilishi. Aka ce ba shi da abin hawa a lokacin, sai bayan damina. Na kira shi a waya, ya ce ba ya yanke hukunci a kan takardar da bai gani ba, in jira zuwansa. Taron malamai na fitar da sakamako kuwa a makon ne.

Uban ya zo da safe, daga gona, da hauyarsa a kafaɗa, domin ruwan farko ya sauka ana shuka. Siririn mutum ne, ya cire takalmi a ƙofar buro ko da yake ba wanda yake cirewa. Daraktan ya yi masa bayani, ya ce 'yarsa ta zagi malami. Mutumin ya juya ya dube ta, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Durƙusa." Ta durƙusa a gaban Baba, ta ce ya yafe mata, bakinta ne ya yi kuskure. Baba ya gyaɗa kai. Sai aka miƙo takarda da biro, aka ce saura jimlar.

Uban ya ce, "Mi za ta rubutawa? Ni ban yi lakwal ba."

Baba ya ce, "Ba komi ba na, ƙa'idar Ingilishi ta. Kalma guda ta mance."

Mutumin ya dube ni, wataƙila don ya ga yadda nake tsaye kamar wadda ta taka garwashi. Ya ce, "Madan, ke hwaɗa mani da Hausa." Daraktan ya yi mini ido. Na yi kamar ban gani ba. Na ce, "Ita ta rubuta cewa da ka iso gida sai innarta ta rasu. Ana so ta rubuta cewa ko da ka iso, ta riga ta rasu."

Ya ajiye hauyarsa a ƙasa. Sannan ya ce, ba da kowa yake ba, kamar mai ba kansa labari, "Da anka kira ni, ko kayana ban kwashe ba. Mota ta lalace muna bayan Dosso, ni hau ta siminti bisa buhuhuwa. Daga bakin hanya da ƙahwa ni ƙarasa. Ni iske ta da rai. Ta gane ni. Da hannuna ta sha ruwa." Ya ɗaga hannun ya duba. "Mutanen gari sun hwaɗi abin da sunka ga dama, ban tanka ba, don gaskiya na, na daɗe. Amma wanga guda ɗai ni ka da shi. Shi kuma kuka so ɗiyata ta rubuta da hannunta ba a yi ba?"

Daraktan ya fara cewa ai takarda ce kawai, ba wanda zai karanta. Baba ya ce in ba ta rubuta ba, gobe kowane yaro zai goge allo da hannu. Uban ya miƙe, ya ce, "Haƙuri ta ba da, don ta yi ma babba rashin kunya. Wanga kau ba ta rubuta shi." Ya ce da ita, "Tashi mu tahi." Ya sa takalminsa, ya ɗauki hauya, ta bi shi.

A taron malamai na yi magana har muryata ta dushe. Na ce in dai waƙa muke koyarwa to a kawo mana kalangu a daina wahalar da alli. Na ce mun kori yarinya don ta fahimci darasi. Malamin lissafi ya goyi bayana da rabin baki, sauran suka sunkuyar da kai suna wasa da biro. Ba mugaye ba ne, kowa dai yana jin nauyin ya ce dattijo ya yi kuskure, kuma nauyin nan ya fi musu yarinyar. Aka karanta sunanta a cikin waɗanda aka kora, aka wuce na gaba. Bayan taron daraktan ya tuna mini a hankali cewa shi ne yake rubuta rahoton 'yan kwantiragi. Na ce ya rubuta, kuma ya tabbata ya sa had a inda ya dace.

Kwansaye ya zo bayan an dawo daga hutu, an gama girbi, a kan babur. Na ajiye masa takardar a gabansa tun bai cire hular kwano ba. Ya karanta, ya ce, "Wa ya yi wanga gyara? Ai yarinya ta yi daidai, da kyau ma." Ya faɗa da sauƙi, kamar mai cewa shayi ya yi sanyi. Ya ce a kira ta ya gan ta. Baba yana zaune a gefe yana duba wayarsa. Daraktan ya ce ai sakamakon bara an riga an aika, an rufe.

Ba ta ma garin. Da uban zai koma cin rani ya kai ta wurin gwaggonta a Malbaza, mai sayar da abinci a inda manyan motoci suke jiran lodi. Na je na same ta a can wata ranar hutu, tana zuba wa direbobi shinkafa da wake. Ta yi murna da ganina, ta kawo mini benci, ta ƙi karɓar kuɗin abincin. Na gaya mata abin da kwansaye ya ce, na ce zan nema mata wata hanya, ko makarantar kuɗi a Konni. Ta yi murmushi ta ce, "Madan, ai na sani daidai na. Ina wurin anka yi." Ta ce gwaggo ba ta da mai taya ta, sai dai wata shekara. Wani direba ya kira ta, ta tashi. Wata shekarar ba ta zo ba.

Baba ya yi ritaya da walima, an yanka rago, an yi jawabai. Ban je ba. Waƙarsa tana nan, yaran da ya koyar sun zama malamai suna buga tebur da ita, ina jin ta ta taga in na wuce wasu azuzuwan, kuma har yau in na ji ta sai in ƙara sauri.

Ni kuma duk shekara in na iso darasin nan, da motar siminti nake farawa kamar da. In mun zo kan by the time sai in rubuta misalina, ban taɓa canza shi ba: By the time the adviser came, she had left. Yara suna kwafewa. Kusan kowace shekara akan samu guda ɗaya da zai ɗaga hannu ya ce, "Madan, wa ta tahi?" Wannan yaron nake sa wa ido, domin shi ne ya karanta jimlar. Sai in ce masa wata ce da take zama kusa da taga, ya ci gaba da rubutu.